Wa Ya Kashe Alhaji Bala?

Mu ƙaddara wani marubuci ya zauna zai rubuta labarin kisan kai a birnin Kano. An tsinci gawar wani ɗan kasuwa a sitonsa da ke Kantin Kwari ranar Juma'a da sassafe, kuɗi sun yi ɓatan dabo, ƙofa kuma ba a fasa ta ba. Ga mutanen da ya jera a takardarsa ta farko: maigadi, wanda bai ba shi suna ba sai Buzu, Emeka, maƙwabcin shago mai sayar da jabun kaya, Jauro, wani baƙo da aka gani yana kai-kawo a layin, Gatari, ɗan daba, Tabawa, uwargida mai baƙin kishi, Hanan, amarya mai hankali, sai jami'in bincike, matashi kyakkyawa, Khalifa.

Miƙa wa kowane mai karatu wannan takarda, kada ka ba shi ko shafi ɗaya na labarin, ka ce ya raba mutanen gida biyu, na kirki da na banza. Ba zai yi minti ɗaya ba zai gama, kuma rabonsa zai yi daidai da na marubucin. To, labarin ya mutu tun ba a haife shi ba. Labarin bincike ciniki ne tsakanin marubuci da mai karatu: ni zan ɓoye, kai ka nemo. Idan sunaye sun riga sun yi shela, babu sauran abin nema.

Yawanci idan ana maganar yi wa ƙabilu kuɗin goro a littafi, ta fuskar adalci ake kallonta, kuma gaskiya ne rashin adalci ne. Amma ni abin da ya fi damuna a matsayin mai karatu shi ne lalaci ne, kuma lalacin da ke ɓata sana'a. Turawa sun gano haka da daɗewa. A 1929 wani limamin cocin Katolika mai rubuta labaran bincike, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na wannan fanni, ta biyar a cikinsu ta hana a saka Basine a labari. Dalili kuwa, littattafan araha na lokacin sun cika da mugun Basine mai makirci, irin Fu Manchu na Sax Rohmer wanda littafinsa na farko ya fito a 1913, har ta kai da an ga sunan Sinawa a shafi an san wa za a kama. Maganin Knox, wato a kore su daga labarin ɗungurungum, ba magani ba ne, don birni ba ya korar mutanensa saboda marubuci ya huta. Amma ciwon da ya gani shi ne namu: canja Basine ka sa Jauro, ka ga ko akwai bambanci.

Akwai kuma wani kuɗin goron da ba mu cika lura da shi ba, domin a cikin gida yake. Duba Tabawa da Hanan. Littattafanmu da finafinanmu sun saba mana da cewa sunan gargajiya na muguwa ne, ko 'yar aiki, ko baƙauya, sunan da ya zo daga ƙasashen Larabawa kwanan nan kuma na 'yar gata ce mai tarbiyya. Lantana ce za ta zuba guba, Afnan ce za ta sha. Wannan wariyar talaka da mai kuɗi ce aka yi wa rigar suna, kuma tana tona asirin mai laifi kamar yadda ta ƙabila ke yi.

Gyaran ba daga jerin sunaye masu daɗi yake farawa ba. Daga tambayoyi yake farawa, waɗanda marubuci zai yi wa kowane mutum kafin ya raɗa masa suna. A wace shekara aka haife shi? A wace unguwa? Wa ya zaɓi sunan, kuma sunan wa aka mayar? Sannan wa ke kiransa da me? Halinsa ba ya cikin tambayoyin, domin ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, babu wanda ya san jaririn nan ɓarawo zai zama ko alƙali. Iyaye fata suke raɗawa. Saboda haka mai kisa a labari ya kamata ya ɗauki sunan da uwa mai ƙaunar ɗanta za ta yi murna da shi.

Mu koma kan mamacin. Idan shekarunsa sun haura sittin, an haife shi a farkon shekarun 1960 ke nan, mu ce a Fagge. Mutumin wannan zamani ba zai zama Ammar ko Sudais ba. Sunan yankansa Ibrahim, amma da yake ranar Laraba aka haife shi, Bala ya bi shi tun yana yaro. Ya je Makka ya zama Alhaji Bala. A kasuwa, inda Alhaji Bala ya fi a ƙirga, sai a bambanta shi da hajarsa: Bala Mai Shadda. A takardun banki kuwa Ibrahim ne da sunan mahaifinsa. Uwargidansa ba ta taɓa furta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, Alhaji kawai take cewa. Mutum ɗaya ke nan da suna huɗu ko biyar, kuma kowane suna yana gaya maka inda mai kiran ya san shi. Wanda ya shigo ofishin 'yan sanda ya ce "Iro aka kashe?" tare suka yi wasan ƙasa. Wanda ya ce "Mai Shadda" abokin ciniki ne. Mai bincike mai kunne zai gane wannan kafin ya buɗe littafinsa.

Uwargidan kuma, haihuwar ƙarshen shekarun 1960 ce, don haka Tabawa ba laifi ba ne a kanta, sunan zamaninta ne. Laifin shi ne a ce sunan ne ya sa ta zama muguwa. Ana iya barin ta da shi a mai da ita mutumin da ya fi kowa hankali a gidan. Ni dai zan kira ta Hajiya Kulu, wato Hauwa'u, saboda wani dalili na kunne da zan zo kansa. Amarya, idan haihuwar 1990 da wani abu ce, Jamila ko Samira ko Fauziyya sun fi zama da ita. Hanan da Ilham da Amal sai a bar wa 'yan makarantar gidan.

Yanzu maigadi. Gaskiya ne akwai Buzaye masu gadi a Kano, kuma gaskiya ne 'yan kasuwa da yawa Buzu kawai suke ce musu. Marubuci ba zai ƙaryata wannan ba. Abin da zai yi shi ne ya bar mutanen labarin su ce Buzu, shi kuwa mai ba da labari ya san sunansa. Mu ce Alhusaini. A katinsa na Nijar an rubuta shi da rubutun Faransanci, Alhousseini, sannan "ag", wato ɗan wane, sannan sunan mahaifinsa. Ka ga an sami abin aiki: a duk layin, mamacin ne kaɗai ke kiransa da sunansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya yi shakkar cewa shi ne ya yi kisan, ko da 'yan sanda sun fara tsare shi, wanda kuma shi za su fara tsarewa. Wariyar tana nan a cikin labarin, amma a bakin mutane take, ba a alƙalamin marubuci ba. Wannan bambanci shi ne kusan dukan sirrin.

Af, kada a manta a cikin birni akwai unguwar Agadasawa, akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Ayagi ta Yarbawa, akwai Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna. Sunayen unguwannin kansu shaida ne cewa Kano ta daɗe tana haɗiye baƙi. Jikan mutumin Agadas zai iya zama lauyan da ke kare Alhusaini, kuma bai iya ko gaisuwa da yaren kakansa ba.

Emeka fa? Matsalarsa biyu. Ta farko, shi ne sunan da ke fara faɗo wa duk wanda bai san Ibo ba, kamar yadda marubucin Legas ke kiran kowane ɗan Arewa Musa ko Aboki. Sunan da ya fara zuwa maka a kai, a kan kowace ƙabila, shi ne wanda ya kamata ka yi zargi. Ta biyu, shi kaɗai ne ɗan ƙabilarsa a labarin, don haka duk abin da ya aikata ƙabilar ce ta aikata. Maganin wannan mai sauƙi ne: kada mutum ɗaya ya ɗauki ƙabila a ka. A sa su biyu, waɗanda ba su yi kama da juna ba. Maƙwabcin shago ya zama Obinna, haihuwar Sabon Gari a 1985. An kafa Sabon Gari tun wajen 1913, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce kakansa ma a nan ya yi kasuwanci. Hausarsa ta Kanawa ce tsantsa, 'yan layi Obi suke ce masa, kuma yana bin mamacin bashi, abin da ya sa shi cikin waɗanda ake zargi da dalili na gaske. Ta biyun kuma likitar da ta duba gawar, Dokta Nkechi, wadda aiki ya kawo ta daga Inugu, ba ta jin Hausa sosai, ba ta ma san Obinna ba. Idan ya yi ƙarya a babi na shida, Obinna ne ya yi ƙarya, tunda ga wata can tana faɗin gaskiya.

Jauro kuwa a cire shi. Ba don Bafillace ba ya shiga labarin laifi ba, sai don ba shi da aikin yi a wannan labarin in ban da tsoratarwa. Jauro ma asalinsa sarauta ce ta mai unguwa ko shugaban ruga. Idan ana son Bafillace a Kantin Kwari, ai ga su nan birjik a cikin manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da alƙalai, da sunaye irin su Bello da Dikko da Sambo, waɗanda Kanawa ba sa ma jin su a matsayin baƙin suna. Gatari shi ma a tambaye shi sunan da uwarsa ke kiransa. Laƙabin daba gaskiya ne, amma na titi ne. A gida Nura ne, kuma ranar da mai bincike ta je unguwarsu ta tambayi Gatari, tsohuwar da ta buɗe ƙofa za ta ce ba ta san shi ba, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Na ce "ta je", domin Khalifa ma na sallame shi. Mai binciken ta zama Sufeto Saratu Ɗanladi. Na zaɓi wannan suna da gangan, saboda ba ya faɗin addini. Musulmi suna sa Saratu, Kiristocin Arewa ma suna sawa, Ɗanladi kuma na duk wanda aka haifa ranar Lahadi ne. Marubutanmu kan manta cewa akwai miliyoyin Kiristoci da sunayensu na Hausa ne, su Bitrus da Bulus da Yohanna da Rifkatu, kuma Yakubu Gowon da Ishaya Audu ba ɓoyayyun mutane ba ne. Duk gidan da Sufeto Saratu ta shiga, sai an ɗan yi jim ana auna ta: tamu ce ko ba tamu ba? Wannan jim ɗin riba ce ga labari, kuma marubuci yana iya jan sa har tsakiyar littafi.

Sai babban aiki, mai kisan. A nan ne al'adar sunanmu ke ba marubucin Hausa makamin da marubucin Landan ba shi da shi, wato alkunya. A gidan Bahaushe, idan aka mayar wa yaro sunan kakansa, ba a kiransa da shi. Sai a ce Abba, ko Baffa, ko Khalifa, mace kuma Ummi ko Mama ko Walida. Yaro zai girma, ya yi aure, abokansa na kusa ba su san sunan yankansa ba.

To, mamacin yana da yaron shago, ɗan ƙaninsa, wanda ya riƙa tun yana firamare. Kowa Abba yake ce masa. Shi ya fi kowa kuka ranar jana'iza, shi ke kai Sufeto Saratu duk inda take so a kasuwa. A babi na huɗu aka gano cewa daren Alhamis an tura kuɗi masu yawa daga wayar mamacin zuwa wani asusu, sunan da ya fito a alat kuma Salisu Abubakar. Aka tambayi 'yan layi, babu wanda ya san shi. Aka tambayi Abba, ya ce bai taɓa jin mai wannan suna a cikin abokan cinikinsu ba, wanda kuma, in ka duba, gaskiya ya faɗa. Tabbas banki zai iya warware wannan, tunda tun 2014 aka shigo da lambar BVN mai haɗe da hoto da zanen yatsa, amma neman bayanan asusu yana bin takardu da izini, yana cin kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan ne labarin ke gudana, Alhusaini na tsare.

Ga yadda za a yi wa mai karatu adalci. Tun a babi na biyu, lokacin da Sufeto ta je ta'aziyya, Hajiya Kulu ta leƙa tsakar gida ta ce wa wata yarinya, "Ke, kira min mai sunan Malam ya kawo wa baƙuwa ruwa." Abba ya shigo da ruwa. Ba wanda zai tsaya a kan wannan, domin haka surukai ke yi, ba ta iya furta sunan mahaifin mijinta. A babi na biyar kuma, ana binciken sito, aka ci karo da tsohon littafin rasit na zamanin mahaifin mamacin, da sunansa a bango: Alhaji Salisu. An wuce, ba a ce komai ba. A wani wurin daban an ambaci mahaifin Abba, marigayi Garba. Duk Bahaushe ya san Garba shi ne Abubakar, kamar yadda Shehu yake Usman, Iro yake Ibrahim. Guntaye uku ke nan a warwatse: mai sunan Malam, Malam shi ne Salisu, uba kuma Garba. Mai karatun da ya haɗa su zai riga Sufeto isa, ya ji daɗin kansa. Wanda bai haɗa ba, idan aka bayyana, zai koma baya ya duba ya tarar ba a cuce shi ba, komai yana gabansa.

Lura da abin da ya faru. Suna ne ya kama mai laifi, amma ba don ya nuna ƙabilarsa ko talaucinsa ba. Ya kama shi ne ta hanyar dangantaka, wato wane ne ɗan wane, wa ke jin kunyar wa. Irin wannan dabara tana da 'yan'uwa da yawa. Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu lissafi ne na Muhammadu na biyu da na uku da na huɗu da na biyar, don haka wanda ya ce shi ne ɗan fari alhali sunansa Rabi'u, akwai abin tambaya. Gambo yana nufin akwai tagwaye a gabansa, to ina suke? Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza. Ɗan kasuwar Maraɗi da ake kira Yusufu a Kano, a fasfonsa Issoufou ne, kuma ɗan sandan da ke neman sunan a kwamfuta da rubutun Najeriya ba zai same shi ba.

Akwai ramuka biyu da mai gudun kuɗin goro ke faɗawa. Na farko shi ne juya abin a kife: tunda an ce kada talaka baƙo ya zama mai laifi, to kullum sai a ɗora wa Alhaji mai carbi ko malamin unguwa. Littafi biyu za ka yi haka masu karatu su gane ka, su riƙa neman wanda ya fi kowa kamala tun shafin farko. Wani lokaci maigadin ne ya yi, kuma marubuci yana da 'yancin faɗin haka, muddin dalilin kisan nasa ne shi kaɗai, bashi ko fushi ko tsoro, ba na jinsinsa ba. Gwajin da nake ba da shawara shi ne musanya: ɗauki mai laifinka ka canja masa ƙabila. Idan dalilin kisan ya rushe, ashe ƙabilar ka tuhuma. Idan dalilin ya tsaya, sai dai wasu bayanai na gida da unguwa suka buƙaci gyara, to mutum ka rubuta.

Rami na biyu shi ne rabon daidai, a ɗauko ɗaya daga kowace ƙabila a jera kamar sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Kano ba haka take ba. A labarin da ke Kantin Kwari, idan mutane tara ne masu suna, shida ko bakwai Hausawa da Fulani ne, domin haka kasuwar take. Da a Sabon Gari ne, ko a wani babban asibiti, ko barikin 'yan sanda na Bompai, da lissafin ya canja. Wurin da labari yake shi ke faɗin su wa za a tarar, kuma hanyar sani ita ce a je a karanta allunan shaguna, a saurari yadda ake kiran mutane a layi, a tambayi ɗan ƙabilar ko sunan da aka zaɓa ya dace da shekarun mutumin da garinsu.

Saura maganar kunne da na yi alkawari. Littafin Hausa ana karanta shi a bayyane, a rediyo da cikin gidaje, yanzu kuma har a waya ana saurare. Idan waɗanda ake zargi su ne Aminu da Amina da Auwalu da Aliyu, mai sauraro zai rikice, kuma rikicewar da ba marubuci ne ya shirya ta ba asara ce. Jera sunayen ka karanta da ƙarfi: Bala, Kulu, Jamila, Obinna, Nkechi, Nura, Saratu, Abba, Alhusaini. Kowanne da tsayinsa da amonsa. Nkechi da Nura sun haɗa harafin farko amma kunne ba ya haɗa su. Abba da Alhusaini ma haka, ɗaya gajere ɗaya dogo. Saratu da Salisu kuwa sun yi kusa, sai dai tunda Salisu a rubuce kawai yake bayyana, a alat da bangon rasit, ana iya bari. Da na bar uwargida a Tabawa kuma na sa wata Talatu a gidan, da dole ɗaya ta tafi.

Sannan a kiyayi sunan gida. A Kano suna uku a jere, na mutum da na uba da na unguwa, adireshi ne, yana iya faɗawa kan wani mai rai da 'ya'yansa. Sunan zuri'a sananniya irin ta Ɗantata kuwa ba a ɗora shi a kan mai kisa ko wanda aka kashe, ko da wasa. Shi ya sa mamacin namu ya tsaya a Bala Mai Shadda, kuma ko shi, kafin a kai littafin maɗaba'a, sai marubucin ya shiga Kwari ya tambaya ko akwai mai amsa wannan suna a wani layi. In akwai, sai a canja masa haja.